Wace kalma za mu sa wa ɗan riɗin da ake aika wa mai saye a waje?

Sabo Dawanau: Jama'a, muna shirya wa yaran shago wasiƙar imel ta farko da ake tura wa mai sayen riɗi a Turkiyya. Wajen tayin `sample` muka maƙale. Samfur za mu bari, ko akwai ta Hausa tsantsa?

Iliya: Ai gyara ke nan, Alhaji, tunda kyauta ake bayarwa.

Hajiya Binta: A'a, Malam Iliya. Gyara bayan ciniki ake yin ta, wannan kuwa kafin a yi maganar kuɗi ne. Ni ɗanɗano na fi so, kamar yadda mai ƙuli ke miƙo maka ka taɓa.

Lawal Maigatari: Hajiya, kin kusa, amma ba baki zai kai ba, ɗakin gwaji zai kai. Kuma iri biyu ne, kada a haɗa su a kalma ɗaya. Wanda ake tayinsa a imel ɗin farko, `offer sample`, a ce masa samfurin talla. Wanda ake ɗiba daga ainihin buhunan da za su shiga kwantena, `pre-shipment sample`, shi ne samfurin lodi.

A wasiƙar, bayan an faɗi irin riɗin da kakar da aka girbe shi, sai a kawo lambobi: tsabta kashi 99, laima kada ta wuce kashi 7, buhu mai kilo 50, kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen tan 19. Sannan a ce za a aika rabin kilo kyauta, a fayyace wa zai biya kuɗin aikawa. Yawancin rigimar daga wajen ɗiba take tasowa. Yaro ya zauna ya tsince tsakuwa da hannu, samfur ya fito fes, kaya su isa da yashi, mai saye ya zaftare kuɗi. A soki buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a gauraya, a raba uku, a liƙe da lamba ɗaya: ɗaya na mai saye, ɗaya na gwaji, ɗaya a ajiye saboda ranar musu.

Sabo Dawanau: Madalla. Farashi fa, a sa tun a wasiƙar farko?

Lawal Maigatari: In za a sa, a rubuta `FOB Lagos`, wato farashin kaya har a loda su a jirgin ruwa a Legas, da ranar da farashin zai daina aiki, don canjin dala ba ya jiran kowa. In Turai ne, a haɗa da sakamakon gwajin ƙwayar cutar salmonela, suna tsananta binciken riɗin Najeriya a kanta.

Hajiya Binta: Na yarda da rabuwar, amma samfurin lodi duk aro ne. Me ya hana ɗiban shaida, tunda shi ake fitowa da shi in an yi saɓani?

Sabo Dawanau: Samfurin talla ya zauna. Na biyun zan gwada duka a bakin 'yan dako da masu awo, mu ji wanda suka riƙe.