Fawa-fak mai lambar 650W da ta zo cikin kesin: ko za ta ɗauki RTX 3060?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana haɗa kwamfutar tebur da furosesa Ryzen 5 5600, katin girafik RTX 3060, ram guda biyu da SSD ɗaya. Kesin ɗin ya zo da fawa-fak a ciki, babu sunan kamfani, an dai rubuta 650W da manyan baƙi. A ƙasa akwai ɗan jadawali, wajen +12V an sa 18A. Waɗanda suka saba da aikin nan, a bar ta ko a sayi wata?

Mai gyara, Kano: Wa alaikumus salam. Malam, ka riga ka kawo amsar da kanka. Manyan baƙin nan ka bar su, ɗan jadawalin ne abin dubawa. Kwamfutar yanzu kusan duk wutar da take sha daga layin bolt 12 take ɗiba, domin furosesa da katin girafik duka a kansa suke. Ka ninka 12 sau 18, za ka samu wat 216. Shi ne iyakar abin da za ta ba su, idan ma takardar gaskiya ta faɗa.

Ga lissafin injinka. Ryzen 5 5600 an rubuta masa wat 65, amma idan aiki ya yi nauyi yana kaiwa wajen 76. RTX 3060 wat 170 ne. Madabod, ram, SSD da fankoki ka ba su 50. Ka ga an doshi wat 300, wato amfiya 25 a layin 12. Ita kuwa 18 gare ta. Za ta kunna, ta shiga Windows lafiya lau, shi ne abin da ke yaudarar mutane. Sai an buɗe gem ko an fara fitar da bidiyo, katin ya ja wutarsa, sannan injin ya ɗauke ko ya sake tashi da kansa.

Nvidia da kanta wat 550 ta ba da shawara ga wannan katin. Ta kirki mai 550 za ka ga an rubuta mata kusan 45A a +12V, wato kusan duk ƙarfinta yana wurin da ake buƙatarsa.

Wani ɗalibi: Na goyi bayan Oga, amma a ƙara lura da tambarin 80 PLUS. Idan Bronze ce, kashi 85 cikin ɗari kawai take bayarwa, kenan 550 ta koma kamar 467. Gara ya sayi 750 ya huta.

Injiniya, Zariya: Ƙanina, kashi 85 ɗin daidai ne, amma ka kifar da lissafin. Lambar 550 ita ce abin da take miƙa wa kwamfuta. Kason da tambarin ke nunawa yana magana ne a kan abin da take ja daga soket. Injin da ke shan wat 300, idan fawa-fak ɗin na aiki a kashi 85, za ta ja kusan 353 daga bango, ragowar 53 su tafi a zafi. A kashi 90, inda Gold take a rabin lodi, 333 za ta ja. Bambancin wat 20 ne. Awa takwas kullum, a wata bai kai yunit biyar na mita ba. Saboda haka mai wutar nefa kada ya ƙuntata kansa don Gold. Wanda ke kan sola da batir kuma shi ya san darajar wat 20.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane na ɗaukar tambarin a matsayin shaidar inganci. Tattalin wuta kawai yake aunawa. Bai gaya maka irin kafasitar da ke ciki ba, bai gaya maka ko za ta kashe kanta idan an samu shot ba. Kuma sitikar bogi ta yi yawa. Ana iya neman lambar samfurin a jerin da masu shirin 80 PLUS ke ajiyewa a intanet. Idan babu ita a can, tambarin ado ne.

Mai shagon kafe: Ni a ganina duk wannan ba shi ne matsalar ba, wutarmu ce. A sa sitabilaiza da UPS, kowace iri ma za ta yi aiki.

Mai gyara, Kano: Alhaji, sitabilaiza tana gyara abin da ke shigowa ne, ba za ta mai da amfiya 18 ta zama 25 ba. Amma ka taɓo wuri mai kyau. A duba gefen da aka rubuta wutar shiga. Idan ka ga 100-240V, za ta jure ranar da wuta ta zo ƙasa-ƙasa. Idan 200-240V ne, ba za ta jure hakan sosai ba. Idan kuma akwai ɗan jan makunni na 115/230 a baya, tsohon tsari ne. Makunnin nan idan wani ya tura shi 115 aka jona a wutarmu ta 230, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi.

Injiniya, Zariya: Bari in tsaya a kan abin da ke faruwa idan maras suna ta mutu, domin nan ne asarar take. Ta kirki tana da kariya da ake rubutawa a kwali: OVP, OCP, OPP, SCP, OTP. Idan bolt ya haura, ko lodi ya wuce kima, ko waya ta haɗu, ko zafi ya yi yawa, sai ta ɗauke, kayan su tsira. A cikin masu arha sau da yawa za ka tarar da guraben kayan tace wuta fayau a kan allon, an haɗe su da guntun waya. Irin wannan idan ta tashi mutuwa takan tafi da madabod ko SSD, wani lokacin har da katin da ya ninka kuɗinta sau da yawa.

Tun a hannu ana ganewa. Ba ta da nauyi, wayoyinta sirara, a jikinsu za ka ga 20AWG maimakon 18AWG. Sau da yawa ba ta da filogin PCIe mai fil takwas, sai mai shago ya ce a sa adafta daga wayar SATA. Kada a yarda. Filogin SATA kusan wat 54 yake ɗauka a layin 12, mai fil takwas kuwa an yi shi ne don 150. Nan ne robar ke narkewa.

Mai tambaya: To gwajin da ake haɗa koriyar waya da baƙa fa? An yi, fankar ta juya.

Mai gyara, Kano: Wannan ya nuna tana da rai ne kawai. Ka sa maltimita tsakanin waya ruwan ɗorawa da baƙa alhali injin na cikin aiki mai nauyi. Ƙa'idar ATX ta yarda da bolt 11.4 zuwa 12.6. Idan ya faɗo ƙasa da haka, ta gaza. Ko ya tsaya daidai ma, mita ba ta ganin rawar da wutar ke yi, wadda ke cin kayan a hankali. Kuma don Allah kada ka kwance murfinta don leƙawa, babbar kafasitar tana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare waya.

Wata mai haɗa kwamfuta, Kaduna: Yaya, idan kuɗi bai kai sabuwa ba, ni ina ganin ta hannu mai sunan kamfani ta fi sabuwa maras suna. Sai dai kada ka ɗauko wadda aka cire daga injinan ofis na Dell ko HP, yawancinsu filoginsu daban ne, ba zai shiga madabod mai fil 24 ba. Idan kuma mai cirarrun wayoyi ce, lallai da nata wayoyin, na wata ba sa dacewa ko da sun shiga.

Injiniya, Zariya: Hajiya, nan kam ban bi ki gaba ɗaya ba. Kafasita tana bushewa da shekaru, zafin Afrilu da ƙurar hunturu kuma suna gaggauta abin. Ta hannu ba ka san shekarunta ba, ba garanti. Ni zan ce ya jinkirta sa katin, ko ya rage wani abu, ya sayi sabuwa 550 Bronze mai garanti.

Wata mai haɗa kwamfuta, Kaduna: Ryzen 5 5600 ba shi da girafik a ciki ai, Malam, ba katin ba hoto. Garantin kuma wa zai cika masa shi a nan? Ya dai duba shekarar ƙira a jikin takardar, ya sa a gwada ta da lodi a gabansa kafin ya biya.