Farin ɓawo a injin wanki: garin tsami ko ruwan khal?

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ruwan bohol muke amfani da shi. Injin wankina mai ƙofar gaba, mai cin kilo 7, ya fara daɗewa kafin ruwa ya yi zafi, kofunan gilas kuma suna fitowa daga injin wanke-wanke da fari-fari kamar an barbaɗa musu alli. Maƙwabciyata ta ce in zuba ruwan khal, wata ta ce zai cinye roba, in nemi sitirik asid. Wanne zan bi, kuma nawa ake sawa?

Mai Gyaran Inji: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki kashe ko sisi, leƙa cikin butar lantarkinki. In akwai farin ɓawo a gindinta, irinsa ne ya lulluɓe hitar injinki, shi ya sa zafi ba ya ratsowa da wuri. Ɓantari kaɗan ki ɗiga masa lemon tsami. In ya yi kumfa yana tsuwa, shi ne.

Nemi sitirik asid, farin garin nan mai kama da sukari da masu haɗa lemo ke saya. Auna giram 80 zuwa 100, wajen cokalin cin abinci shida ke nan. Zuba shi cikin gangar injin, babu kaya, babu sabulu, ki kunna dogon wanki a zafin digiri 60. Kada ki kai 90. Mutane na ganin ƙarin zafi ƙarin tsafta ne, amma in ruwan ya kusa tafasa, tsamin da ɓawon da ya narkar sukan haɗu su koma wani farin abu da ke sake manne wa hita, kuma ya fi na farkon taurin kai. In ya gama ki ƙara ɗauraya ɗaya, sannan ki buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasa ki kwance matatar ruwa. Ajiye faranti mai zurfi da tsumma tukuna, don ruwa zai kwararo. Za ki ga ɓarɓashi kamar fasasshen ɓawon ƙwai.

Injin wanke-wanke kuwa cokali uku ya ishe shi. Sa a gidan sabulu ki rufe, don in kin watsa a ƙasa ɗaurayar farko za ta tafi da shi. Kada ki bar tukunyar alminiyom a ciki, takan dusashe.

Amarya: Ni kam shekara biyu ina zuba khal kofi ɗaya duk ƙarshen wata, robata lafiya lau. Ina ganin tsoratarwa ce kawai.

Mai Gyaran Inji: Ƙanwata, ban ƙaryata ki ba. Khal na girki kashi 5 cikin 100 ne tsaminsa, in ya shiga lita goma sha na ruwa ya zama salam. Shi ya sa bai taɓa robarki ba, shi ya sa kuma bai yi wa ɓawon wani abin kirki ba. Inda yake ɓarna shi ne inda ya kwanta tsurarsa. Kwanaki aka kira ni wani gida injin wanke-wanke na yoyo. Ashe matar ta daina sayen ruwan sheƙi, wanda ake zuba wa injin don kwanuka su fito da ƙyalli, khal take cikawa a gidansa, wata da watanni yana jiƙe da 'yar robar murfin. Da na ciro ta, ta kumbura ta yi laushi, ina murzawa baƙi na bin yatsana. Babbar robar ƙofa yawanci tana da juriya. Ƙananan zobban roba na ciki da tiyo ne ba ka san da wace iri aka yi su ba. Akwai kuma khal mai ƙarfi, kashi 25, wannan kada ya kusanci inji.

Kaka: 'Ya'yan nan, ku haɗa da kanwa mana, ai ita ke cire dauɗa tun zamaninmu.

Malamar Kimiyya: Kaka, a yi haƙuri, kanwa da tsami kashe juna suke, kamar yadda take kashe tsamin yakuwa a miya. Kumfa za a gani, aikin ya tafi. Abin da ma ya fi damuna bilic ne: kada a haɗa shi da khal ko sitirik, iskar da ke tashi guba ce. Sannan Hajiya, duba gidan gishiri a ƙasan injin wanke-wankenki. In babu gishirinsa na musamman a ciki, farin nan zai dawo cikin makonni.

Baban Yara: Nawa kuma baƙi-baƙi ne a cikin naɗin robar ƙofa, ga wari. Na sa sitirik sau biyu, ko gezau.

Malamar Kimiyya: Wannan fumfuna ce, Malam. Goge da hannu, ka riƙa barin ƙofar a buɗe bayan wanki.

Uwargida: Na gode ƙwarai. Gidan gishirin nan ban taɓa buɗe shi ba tunda aka kawo injin. Duk wata nawa zan riƙa yi?

Mai Gyaran Inji: Ni wata uku nake cewa ga masu ruwan bohol.

Malamar Kimiyya: Wata shida dai. Tsami ma in ya yi yawa ba ya barin ƙarfen da ke riƙe gangar lafiya, alminiyom ne a yawancinsu. Butarki za ta gaya miki: in ta sake yin ɓawo, lokaci ya yi.