Inji ya ci min yatsu, manaja ya ce a kashe maganar a cikin gida

Ɗan Sharaɗa: Assalamu alaikum. Yau kwana 9 da injin niƙa roba ya kama min hannun dama a kamfanin da nake aiki, yatsu biyu sun tafi. Sufabaiza ya kai ni wani ƙaramin asibiti aka ɗinke, su suka biya. Jiya manaja ya miƙo min dubu ɗari da wata takarda, wai in sa hannu magana ta mutu. Na ce sai na yi shawara. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ya yi.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ƙanena. Na daɗe a ofishin ma'aikata na wata masaƙa, irin wannan ya sha bi ta teburina. Kada ka sa hannu. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ka kwana 14 ka sanar da mai aiki, saura maka biyar ke nan. Na san sun gani da idonsu, amma ka rubuta. Sa sunanka, ranar, ƙarfe nawa, wane inji, me kake yi lokacin, wa ke tsaye kusa. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a kan naka.

Kuma ka rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru. Idan murfin injin a cire yake, faɗi. Na ga yaron da ya ce wa likita ƙofa ce ta datse shi, don sufabaiza na tsaye a kansa, daga baya ya rubuta inji a takardar neman diyya. Da aka haɗa takardun biyu suka ƙi juna, ya sha wahala kafin a yarda da shi.

Sani Walda: Ni na ji kwana bakwai ne, Baba. In haka ne ai lokaci ya wuce masa.

Baban Khalifa: Bakwan nan na kamfani ne, Sani. Su doka ta ɗora wa kai rahoto hukumar NSITF, mai kula da asusun diyyar ma'aikata, cikin kwana 7. Shi kuma yana da shekara ɗaya ya shigar da neman diyyar.

Maman Hanif: Sannu ɗan'uwa. Ni ta asibiti zan ja maka kunne. Maigidana ya faɗo daga kan sikafol a wajen gini, ƙafa ta karye. 'Yan'uwa suka ɗauke shi sai wajen mai ɗori. Wata huɗu yana kwance, ƙafar ta haɗe a karkace. Da muka tashi neman haƙƙinsa aka ce ina katin asibiti, ina hoton ƙashi na ranar, ina rahoton likita. Ko ɗaya babu. Ɗan kwangilar ya rantse a gida ya faɗi. Har yau in na ga yana jan ƙafar nan zuwa masallaci sai raina ya ɓaci. Koma asibitin nan gobe, ka ce likita ya rubuta maka rahoto da ranar da aka kawo ka da irin raunin. Kowane rasit ka adana, ka ɗauki hoton hannun da waya kafin ya warke.

Abba Direba: Ai duk wata ana cire mana kuɗi a albashi, ka je kamfanin fanshonka su biya ka kawai.

Baban Khalifa: Fansho daban ne, Abba. Asusun diyya kuwa kamfani ke zuba masa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma doka ta hana a cire daga aljihun ma'aikaci. Ta kuma hana yarjejeniyar da ma'aikaci zai yafe diyyarsa, shi ya sa takardar manajan ba ta tsorata ni ba. Sai dai in ka sa hannu za su riƙa kaɗa maka ita a fuska.

Ɗan Sharaɗa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma Baba, ni ba ni da takardar ɗaukar aiki. Wani ɗan kwangila ne ya kawo mu, duk Asabar ake biyan mu a hannu. Ban ma san ko kamfanin ya yi rajista ba.

Baban Khalifa: Dokar ta haɗa da leburan wucin gadi. Aikinka shi ne nuna cewa a can kake aiki, don haka nemi katin shiga ƙofa, ko hoton littafin da kuke sa hannu da safe, da mutum biyu da suka ga abin. Ka tafi ofishin NSITF na Kano da kanka ka tambaya ko rahoto ya iso.

Maman Hanif: Shaidun ne abin ji. Namu duk sun zame, kowa na tsoron a kore shi. Wanda ke kusa da kai ranar, zai yarda ya sa hannu?

Ɗan Sharaɗa: Shi ya kashe injin, ya naɗe min hannu da rigarsa. Amma shi ma ɗan kwangilar ne ya kawo shi, Hajiya. Zan same shi gida bayan isha'i.