Sanarwata ba ta karantuwa a waya, ina zan yanke jimlar?

Sakataren Unguwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke rubuta sanarwar kwamitin unguwarmu a WhatsApp. Wancan makon na tura wannan, sai ga mutum huɗu sun kira ni suna tambayar ranar taro, alhali tana ciki:

"A madadin shugaba da ɗaukacin 'yan kwamiti, muna sanar da jama'ar unguwa cewa sakamakon lalacewar da famfon burtsatse ya yi tun makon jiya, wanda hakan ya jefa mata da yara cikin wahalar ruwa, an yanke shawarar cewa kowane gida zai ba da naira 2,000, wanda za a kawo wurin taron da za a yi ranar Asabar bayan La'asar a ƙofar gidan mai unguwa."

Abin ya dame ni ƙwarai. Don Allah yaya zan gyara?

Ɗan Kasuwar Waya:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, shiga saitin WhatsApp ka ƙara girman rubutu, wataƙila ya yi musu ƙanana ne.

Maman Biyu:
Wannan saitin wayarsa kaɗai zai gyara, ƙanena, ba ta masu karantawa ba. Malam Sakatare, ni dai dokata ɗaya ce: kada jimla ta wuce kalma biyar. Atamfa nake sayarwa, haka nake rubuta tallata, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba.

Malama Mai Gyaran Rubutu:
Malam, na zauna na ƙirga. Kalma 63 ce, kuma aya ɗaya tak a ƙarshe. Na kwafa na saka a wayata, inda layi ke ɗaukar kalma bakwai ko kusa da haka, sai ta cinye layi tara. Kalmar "Asabar" ita ce ta 56, wato sai a layi na takwas ido zai iske ta. Mai karanta saƙo a cikin Keke Napep, ko yana tsaye a bakin shago da ɗan yatsa a kan gilashi, layin farko da na biyu yake gani sosai, sauran kuma ido ne kawai ke ratsawa. Layinka biyu na farko kuwa shugaba da 'yan kwamiti da "muna sanar da jama'ar unguwa" ne suka cika su. Waɗanda suka kira ka ba su yi ƙarya ba, ba su kai wurin ba ne.

Wurin yankan ma jimlar da kanta ta nuna maka shi. Duba "wanda" guda biyu da "cewa" guda biyu. A Hausarmu ta sanarwa, duk inda muka ji tsoron sa aya sai mu liƙa "wanda hakan" mu ci gaba. A rediyo wannan yana wucewa, domin mai karanta sanarwa yana numfasawa, muryarsa na hawa da sauka, kunne ya san inda magana ta juya. A gilashin waya babu murya. Aya da layin da aka bari fili su ne numfashin. Ga yadda zan rubuta:

"Taro ranar Asabar bayan La'asar, a ƙofar gidan mai unguwa.

Kowane gida zai zo da naira 2,000.

Famfon burtsatse ya lalace tun makon jiya, kuma mata da yara ne ke shan wahalar neman ruwa, shi ya sa kwamiti ya yanke wannan shawara. Allah ya ba da ikon zuwa."

Jimla huɗu ke nan: kalma 10, sai 7, sai 25, sai 6. Da gangan na bar ta ukun da tsawonta. Ita ce ke ɗauke da dalili, kuma dalili yana son a ji yadda wannan ya jawo wancan. Wanda ya tsaya a jimla biyun farko ya riga ya san yaushe, ina, da nawa. Wanda ya ci gaba zai sami abin da zai sa ya ciro kuɗin da daɗin rai. Idan kana son ranar ta fito da kauri, sa ta tsakanin taurari biyu, haka: `*Asabar*`. Amma kalma ɗaya ko biyu kawai, in ka kaurara rabin saƙon ido ba zai san inda zai sauka ba.

Hajiya Maman Biyu, dokarki tana aiki a talla, inda suna da farashi ne kawai. Amma gwada ta a nan ki ji: "Famfo ya lalace. Mata na wahala. Ku kawo kuɗi. Ku zo Asabar." Karanta da ƙarfi. Kamar ana ba yara umarni a filin makaranta, kuma magidanta ake yi wa magana.

Maman Biyu:
Gaskiya na karanta na ji ta bushe. Amma 25 ɗin nan taki har yanzu ta yi mini yawa, Malama. Ni da zan sa aya bayan "makon jiya".

Malama Mai Gyaran Rubutu:
Za ki iya, ba laifi ba ne. Awon da nake yi shi ne in karanta a bayyane da numfashi ɗaya. In na kai ƙarshe ban sarƙe ba, kuma ba ta wuce layi huɗu a waya ba, ina barinta, muddin na kusa da ita gajeru ne. Dogaye biyu a jere ne ke korar mai karatu.

Alhaji Baba:
Ni abin da ban yarda da shi ba, 'yata, cire gaisuwa da sunan shugaba. Saƙon da ya fara da "Taro ranar Asabar" babu sallama, mu dattawa muna jinsa kamar an faɗo mana ɗaki. Na shekara da shekaru ina rubuta wasiƙar ƙungiya da hannu, ban taɓa farawa haka ba.

Malama Mai Gyaran Rubutu:
Allah ya ƙara girma, Baba, kana da gaskiya a kan sallama, kuskurena ne da na bar ta. "Assalamu alaikum" kalma biyu ce, ta tsaya a layinta ita kaɗai a sama, ba ta tare komai ba. "A madadin shugaba da 'yan kwamiti" kuwa ina ganin ya koma ƙasa, wurin sa hannu.

Alhaji Baba:
Sallamar na karɓa. Maganar mayar da shugaba ƙasa kuwa, a tambaye shi tukuna. Wani ba zai damu ba, wani zai riƙe abin a zuciya.

Ɗalibar Jami'a:
Ƙarin abu ɗaya da na lura da shi a zauren ajinmu. Masu haɗe kalmomi, irin "zamuyi" da "akawo", suna ganin sun gajarta saƙo, amma ni sai na tsaya na warware su kafin in wuce. "Za mu yi" ta fi saurin shiga ido duk da ta fi cin wuri. Kuma kafin ka tura, Kawu, fara tura wa kanka ka duba a wayar. In a kwamfuta ka rubuta, abin da ya yi layi biyu a can zai iya zama shida a hannu.

Sakataren Unguwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake rubutawa da sallama a sama, na tura wa kaina, ranar taro ta fito a layi na biyu. Jimlar dalilin na bar ta yadda Malama ta yi. Sunan shugaba kuma zan same shi bayan Magariba in ji ta bakinsa kafin in tura.