Keken guragu, sanduna ko sandar jingina: abin da aka tattauna kan hanyar da ba kwalta

Ga abin da na tsinta daga bayanan 'yan uwa:

1. An fi yin ittifaki a kan tayar gaba. Ƙananan tayoyin gaba na keken asibiti su ne ke nutsewa cikin yashi, su kafe a rami, har mutum ya kifa gaba. Mai ƙafa uku, da faffaɗar taya guda a gaba, ya fi ratsa burji. Matsalarsa tsawo: juyawa cikin ɗaki ko ƙaramin zaure sai da dabara.

2. An rabu kan tayar iska da ta roba zalla. Ta iska tana rage jijjiga, amma ƙaya na fasa ta. Wasu suka ce ai mai faci ba ya wuyar samu, idan girmanta ɗaya da tayar keken hawa. Ni ma nan na karkata.

3. Sanduna: a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku ƙarƙashin hammata, nauyi ya sauka a tafin hannu. Dannar hammata na kashe jijiyar hannu. Robar gindi in ta cinye, a sauya kafin damina.

4. Sandar jingina mai ƙafa huɗu tana son ƙasa shimfiɗaɗɗa, don haka mafi yawa suka ce a bar ta a tsakar gida.