Abokaina sun kasa shiga Minecraft da na buɗe a kan MiFi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kunna sabar Minecraft Java a kwamfutar gida, wadda take samun intanet daga MiFi mai layin waya. Ƙanena da muke kan MiFi ɗaya yana shiga lafiya ƙalau, amma abokaina biyu da ke wata unguwa, idan suka saka adireshin da na tura musu, sai su ga `Connection timed out`. Na riga na buɗe ƙofa ta 25565 a shafin Port Forwarding. Ina matsalar take?

Wani ɗan zauren: Wa alaikumus salam. Ka duba Windows Defender Firewall, domin yakan tare Java. Sannan adireshin layin waya yakan sauya idan aka kashe MiFi, saboda haka ka yi rajistar DDNS, wato suna tsayayye da ke bin adireshinka duk sanda ya sauya, ka huta.

Mai haɗa intanet a ofisoshi: Tunda ƙanensa yana shiga daga wata na'ura, da wuya katangar Windows ce, kuma DDNS ba zai yi magani ba idan abin da nake zato ne. Ɗan'uwa, ka shiga shafin MiFi ɗinka, wanda galibi yake 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ka nemo inda aka rubuta WAN IP, sannan ka kwatanta shi da adireshin da shafukan duba IP suke nuna maka. Idan sun bambanta, musamman idan na MiFi ya faɗo tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255 ko ya fara da 10, to kana bayan CGNAT.

Dalili kuwa shi ne adireshin IPv4 bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba a duniya, shi ya sa kamfanonin waya suke ɗora masu layi da yawa a kan adireshin waje guda. Kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya: kai ka buɗe ƙofar ɗakinka, amma makullin zauren yana hannun kamfani. Idan kai ne ka fara tura saƙo waje, na'urarsu tana rubuta cewa amsar taka ce, ta dawo maka da ita. Idan kuwa abokinka ne ya fara ƙwanƙwasa 25565, ba ta da abin da zai nuna mata wanda ake nema, sai ta watsar da saƙon.

Mai tambaya: Na duba, Malam. MiFi yana nuna adireshi mai farawa da 100.72, shafin duba IP kuma yana nuna mai farawa da 105.

Mai haɗa intanet a ofisoshi: To an gano bakin zaren, ka daina wahala da Port Forwarding da UPnP. Tunda ku uku ne kawai, ku saka Tailscale ko ZeroTier a kwamfutocinku, ku haɗu a rukuni ɗaya. Kowace kwamfuta ita ce take fara fita waje, don haka CGNAT ba ya tare ta. Abokanka za su rubuta adireshin da Tailscale ya bai wa kwamfutarka a Direct Connection. Shi ma da 100 yake farawa, sai ka kula kada ka tura musu na MiFi bisa kuskure. Idan ba sa son saka komai, akwai playit.gg, wanda kai kaɗai za ka kunna ya ba ka adireshin waje, amma duk wanda ya samu adireshin zai iya gwada shiga, saboda haka ka gyara wannan layi a `server.properties`, ka kuma ƙara sunayensu da umarnin `whitelist add` a cikin sabar:

```
white-list=true
```

Wata 'yar zauren: Ni da yayana mun gwada Tailscale, mun shiga, amma sai in fasa dutse ya ɗauki lokaci kafin ya ɓace. Ni ina ganin sabis ne ba shi da ƙarfi, gara ya sayi MiFi mai 5G.

Mai haɗa intanet a ofisoshi: 'Yar'uwa, sabon MiFi a kan layin nan zai sake faɗawa bayan CGNAT ɗin ne. Jinkirin naku kuwa, ki rubuta `tailscale ping` tare da adireshin yayanki. Idan amsar ta ci gaba da nuna `via DERP`, to kwamfutocin sun kasa haɗuwa kai tsaye, saƙonku yana zagayawa ta wata saba mai nisa kafin ya dawo. Hakan yakan faru idan ɓangarorin biyu duka suna bayan CGNAT mai tsauri. Idan ɗayanku yana da intanet na waya ta ƙasa mai adireshin waje, shi ya fi dacewa ya riƙe sabar.

Wani ɗan zauren: Me zai hana ya kira kamfanin ya nemi adireshin waje nasa na kansa?

Mai haɗa intanet a ofisoshi: Zai iya gwadawa, sai dai yawanci ga masu tsarin kasuwanci ake sayar da shi, da kuɗi na daban. Ya kuma duba ko MiFi ɗin yana nuna IPv6, domin a nan ba a buƙatar raba adireshi, amma dole abokansa su ma su kasance da shi, kuma MiFi ya bar saƙon waje ya shigo.

Mai tambaya: Babu IPv6 a shafin nawa. Mun saka Tailscale da daddare, ɗaya ya shiga kai tsaye, ɗayan kuma har yanzu `via DERP` yake nunawa. Ya ce zai ari layin wani kamfani gobe mu sake gwadawa.