Kare kai, tilas da larura: abin da aka tattauna

Tambayar ita ce: ɓarawo ya haura gida a Rigasa da dare riƙe da adda, maigida ya kashe shi, me doka za ta ce? Ga abin da na tsinta.

1. Kowa ya yarda sashe na 33(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya halatta kare rai da dukiya, amma da ƙarfin da ya dace da barazanar. Idan ɓarawon ya ɗaga adda ya nufo ka, kana da hujja.

2. Haƙƙin yana ƙarewa da zarar haɗarin ya wuce. In ya yar da addar ya juya zai tsere ka sare shi a baya, wannan ramuwa ce, kuma wurin raunin zai tona ka. A nan aka rabu: wasu sun ce wanda ke cikin firgici ba ya auna sara, wasu suka tuna manomin Adamawa da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa hukuncin kisa a 2025 saboda ya soki maharinsa bayan ya ƙwace wuƙar. Ni dai na ga masu batun firgici suna da gaskiya, amma kotu ba lallai ta bi su ba.

3. Tilas: in 'yan bindiga suka ɗora maka bindiga ka kai musu mai, uzuri ne, muddin barazanar ta mutuwa ce nan take kuma ba kai ka kai kanka wurinsu ba. Ba ta wanke kisan kai.

4. Larura ba a daɗe a kanta ba: fasa shagon maƙwabci don kashe gobara ya halatta, satar abinci saboda yunwa kuwa a'a.